Agogon da Bai San Hutu Ba

Tun da aka sallamo Malam Sammani daga asibiti a Kano, ya maida tabarma gonarsa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi, mai sauƙi, ta bar masa hannun hagu da nauyi. Likita ya ce sai ya riƙa motsa shi kullum, in ba haka ba zai sandare. Malam ya ce to, irin "to" ɗin da manomi kan ce wa malamin gona.

Mutumin da duk masu noman rani daga Kura zuwa Bunkure suka sani da sammakon bakin kanal ɗin ban ruwa, yanzu ko shinkafarsa ba ya tambaya. 'Yarsa Nafisat ta baro ɗakinta ta zo jinya, ta yi lallashi, ta yi fushi, duk a banza. Tsoronta ɗaya, kada hannun ya mutu tana kallo.

Ranar da ta ciro masa agogonsa daga jakar asibiti, inda ya yi kwanaki a ajiye, sai ta tarar ya tsaya. Malam ya kara shi a kunne ya jima, sannan ya ture shi gefe.

"Tun kafin a haife ki nake ɗaura shi, bai taɓa tsayawa ba," in ji shi. "Shi ma ya san an gama."

Maganar ta ƙona mata rai. Da safe ta hau adaidaita zuwa kasuwar Kura, wurin Dalhatu mai gyaran agogo, tsohon da teburinsa ya maƙale tsakanin masu cajin waya. Ta gaishe shi ta ce batir take so a sa.

Dalhatu ya juya agogon ya yi dariya. "Na Sammani ne wannan. 'Yata, ai ba ya cin batir, gumin ubanki yake ci."

Ya buɗe bayan ya nuna mata wani ƙarfe mai siffar rabin faifai, yana lilo da an karkata agogon. Ya ce duk motsin da hannu ya yi, ƙarfen nan ne ke juyawa ya ɗaure sifirin ɗin ciki mai ba agogon ƙarfi. In aka ajiye shi kwana biyu, ƙarfin ya ƙare, sai ya tsaya. Lafiyarsa ƙalau.

Ya rufe, ya kama ɗan kan da ke gefe bai ja shi ba, ya yi ta murzawa gaba a hankali, kamar sau talatin. Tsinken sakan ya motsa. Nafisat ta ji hawaye ya taho mata, kunya ta kama ta, a kan agogo kuwa.

Ta ce ya yi sauri ya gyara kwanan watan don ta tafi.

"Gaggawa aikin shaiɗan. Agogo bai san dare da rana ba, ƙila a tsakar darensa ya tsaya. In kika tilasta masa kwanan wata a lokacin, kin karya masa haƙori."

Ya ja kan har ƙarshe ya kai tsinkayen shida da rabi. Ya tura shi matakin tsakiya ya sa kwanan jiya. Ya sake ja har ƙarshe, ya yi ta juyawa gaba har lambar ta faɗa ta yau, ya ce nan ne sha biyun dare. Daga nan ya ci gaba zuwa lokacin da wayarta ta nuna, ya tura kan ciki.

A gida Malam ya karɓa ya kara a kunne. Sai ya gyara zama. Nafisat ta kwashe bayanin duka ta faɗa masa, har da cewa ana iya wana shi da yatsa kowace safiya ko mutum yana kwance. Ta so ta ɓoye wannan, zuciyarta ta ƙi.

Malam ya yi mamaki ƙwarai. Shekara da shekaru yana tare da abu, bai taɓa sanin ana wana shi ba, don bai taɓa zama wuri ɗaya har buƙatar ta taso ba.

"Wato ba mutuwa ya yi ba, zaman banza ne ya kashe shi."

"Haka Baba Dalhatu ya ce."

"Dalhatu da bakinsa."

Ta kama hannunsa na dama, mai lafiya, za ta ɗaura masa. Ya janye. Ya sa daman ya ɗago na hagun daga cinyarsa, yana cije leɓe, ya miƙa mata shi.

"Nan za ki ɗaura. Kada kuma ki kuskura ki wana min shi. Miƙo min takalmina."