Ma'ajiyar Alhaji Aƙilu Ta Cika

Tun yana babban sakatare a ma'aikata, Alhaji Aƙilu bai taɓa ƙin takarda ba, bai kuma taɓa gama ta ba. "A ajiye tukuna," shi ne hukuncinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gidansa na Nassarawa, sai wayarsa ta gaji wannan mulki.

Kullum sai ta sanar da shi cewa ma'ajiyar asusunsa na Google ta cika, ajiyar saƙonnin WhatsApp ta tsaya. Shi kuwa sai ya ture sanarwar da ɗan yatsa, kamar ya kori ƙuda daga bakin kofi. Abin da ya cika ta ba wani abu ba ne illa bidiyon barka da Juma'a, furanni na buɗewa, tattabaru na shawagi, daga zauren tsofaffin sakatarori da na 'yan masallaci da na dangi. Alhaji ba ya kallon ko ɗaya, ba ya kuma goge ko ɗaya.

"Baba, a rage su mana," in ji 'yarsa Najla.

"In goge addu'a? Da sunan Allah a ciki? Ke dai bokon nan ya ɓata ku."

Abu ɗaya yake saurara a wayar: saƙon muryar da matarsa Hajiya Fiddausi ta turo masa daga asibiti kafin ta rasu, tana masa faɗan shan magani. Yakan kunna shi bayan Asuba, ya yi murmushi, ya ƙi shan maganin.

Ranar da ya ga wani tsohon ƙaraminsa a ofis da sabuwar waya a wajen ɗaurin aure, bai kwana da wannan raini ba. Ya sayo wadda ta fi ta. Mai shagon ya tambaye shi ko ajiya ta kammala kafin a wanke tsohuwar.

"Komai nawa yana sama," in ji Alhaji. "Wanke ta tas, direbana zan ba."

Aka wanke. A gida Najla ta saita masa sabuwar, saƙonni suka sauko, furanni da tattabaru ba adadi. Alhaji ya buɗe sunan Hajiya. Saƙo na ƙarshe cefanen wata tsohuwar Sallah ne.

Najla ta duba ranar ajiya ta ƙarshe.

"Baba, tun kafin Mama ta kwanta ciwo ajiyar ta tsaya. Ka taɓa tura wa wani saƙon?"

"Nawa ne ni kaɗai. A kira manajan Google ɗin!"

"Baba, ba wanda za a kira."

Ya cire tabarau ya ajiye. Tsoro ne ya kama shi, na gaske. Ya rufe ido yana neman yadda Hajiya take jan sunansa. Kalmomin duk suka zo masa daidai, amma da muryarsa.