Saƙon Munir ga Hajiya Kaltumi

Ranar da Munir ya dawo daga Ɗanbatta, tun daga zaure Rukayya ta san ya ji daɗin intabiyun, domin da waƙa ya shigo. Wata ƙungiya ce mai kai wa manoma ingantaccen iri take neman malamin gona, shi kuwa difloma gare shi a fannin noma, ga shi ɗan manomi.

"Sun tambaye ni cututtukan gyaɗa," in ji shi yana cire takalmi. "Wallahi sai da na zayyane musu su kaf. Har wani dattijo a cikinsu ya rasa abin cewa."

"Allah ya sa a dace, Abban Jamil," in ji matar tasa.

Ba a dace ba. Ana tsakiyar cirar gyaɗa saƙo ya shigo wayarsa daga Hajiya Kaltumi Bunu, wadda ta shugabanci masu intabiyun. Ta gode masa da zuwa, ta ce sun zaɓi wani, ta yi masa fatan alheri. Ya karanta a tsaye cikin kunya, ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da aiki tare da mahaifinsa.

A majalisar bakin masallaci kuwa kowa ya riga ya san dalili. Abokinsa Kamilu mai gyaran babur ya ce, "Kai ma ka sani, irin wannan aikin tun kafin a buga sanarwa an riga an ba ɗan wani. Ku kawai an tara ku ne a cika sharaɗi." Maganar ta yi wa Munir daɗi, amma daɗin bai raka shi har gida ba. In da gaske ɗan wani aka ba, shi ke nan. In kuma akwai inda ya kuskure fa? Haka zai ɗauki kuskuren ya kai wani intabiyun bai sani ba.

Washegari da hantsi Rukayya na suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida, shi yana zaune kan turmi da ya kife, yana ta danna waya yana gogewa. Ta bar shi har ta kwashe kasko guda, sannan ta ce, "Wa ake rubuta wa, fuska a murtuke haka?"

"Hajiyar nan. So nake ta gaya mini inda na gaza."

"To ai abu ne mai kyau. Karanta mini in ji."

Ya gyara murya. "Salamu alaikum Hajiya. Na ga saƙonku. Duk da na amsa dukkan tambayoyinku daidai, kuma ina da takardun da kuka nema, ba ku ɗauke ni ba. Ina so a gaya mini laifin da na yi, in dai da gaske cancanta aka bi."

Rukayya ta goge hannu a zani, ta miƙo. "Ba ni nan."

Ta karanta shi da ƙarfi, ba ta ƙara ko kalma ba, sai dai ta ɗaure fuska ta ɗaga haɓa kamar yadda yake yi in ya yi fushi. Da ta zo kan "in dai da gaske", sai ta ja shi a hankali tana kaɗa kai. Munir ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, dariya ta kuɓuce masa.

"Ni ba haka na faɗe shi ba."

"Haka za ta ji shi. Ita ba ta ganin fuskarka, ba ta san kai mai kirki ba ne. Wannan tambaya ce ko ƙara ka kai gaban alƙali?"

"To ƙarya na yi? Ban amsa daidai ba?"

"Ban sani ba, ba na wurin. Amma in ka riga ka gaya mata daidai ka amsa, me ya rage ta gaya maka?" Ta juya ƙulin da ke cikin mai. "Tsakaninka da Allah, so kake ka sani, ko so kake ta ji kunya?"

Ya dubi kajin da ke tsince-tsince a gindin rumbu. "Duka biyun," ya ce.

"To zaɓi ɗaya. Saƙo guda ba zai ɗauki biyun ba."

Suka zauna gyara. Ta sa ya cire "laifi", domin ba wanda ya ce ya yi laifi. Shi da kansa ya goge maganar cancanta. Da ya rubuta cewa yana roƙon a sake duba lamarinsa, ta girgiza kai: an riga an ɗauki mutum, in ya roƙi abin da Hajiya ba za ta iya ba, shiru za ta yi masa gaba ɗaya. Sun ɗan yi gardama a kan godiya. Munir ya ce me zai gode wa, an hana shi aiki? Rukayya ta ce an kira shi, an saurare shi, an kuma sanar da shi sakamako, wasu wuraren ko wannan ba sa yi. A ƙarshe abin da ya rage gajere ne:

"Salamu alaikum Hajiya, Munir Sabo ne, wanda kuka yi wa intabiyun malamin gona. Na gode da damar da kuka ba ni, da kuma sanar da ni sakamako. Na karɓi hukuncinku, Allah ya taya wanda aka ɗauka riƙo. In kin sami sarari, zan ji daɗi ki nuna mini abu ɗaya ko biyu da zan gyara don gaba. In kuma ƙa'idar aikinku ba ta yarda ba, babu komai. Na gode."

"Tura," in ji Munir, kamar ita ce mai wayar.

"Bari ka ci abinci tukuna, ka yi azahar, ka sake karantawa. In har lokacin ba ka ji yana yi maka ɗaci a baki ba, sai ka tura."

Bayan azahar ya tura.

Shiru. Aka gama cirar gyaɗa aka shiga tsinka, wayar ba ta kawo komai ba. Kamilu ya ce ai dama ya faɗa. Munir ya so ya sake turawa, Rukayya ta ce shi da hannunsa ya rubuta babu komai, to ya bar shi babu komai ɗin.

Rannan da la'asar suna zaune a inuwar darbejiya a bakin gona, shi da mahaifinsa Malam Sabo, suna tsinkar gyaɗa, sai waya ta yi ƙara. Hajiya Kaltumi ce.

"Malam Munir, ka yi haƙuri, muna ta zagayen ƙauyuka ne. Na ga saƙonka, na ce wannan ya kamata in kira shi da kaina. Ba zan yi maka maganar sauran da suka nema ba, wannan ba hurumina ba ne. Amma taka zan iya. Kana da lokaci?"

"Ina da shi, Hajiya."

"Iliminka ba wanda ya yi shakkarsa. Ka tuna lokacin da dattijon da ke gefena ya ce ka ɗauke shi manomi, ganyen gyaɗarsa ya yi rawaya, me zai yi?"

"Na tuna. Na ce masa kuturtar gyaɗa ce, ƙwarin darɓa ke yaɗa ta."

"Mai yiwuwa ita ce. Amma ba ka tambaye shi yaushe ya yi shuka ba, ko wane iri ya shuka, ko duk gonar ce ko gefe guda, ko ruwa na kwanciya a wurin. Rawayar ganye ai ba abu guda ke kawo ta ba. Ya buɗe baki zai ƙara maka bayani, ka bi ta kansa da Turanci. Ya sake gwadawa, ka sake. Daga nan ya yi shiru."

Kalmar "amma" ta riga ta zo bakin Munir: ai lokaci aka ba shi kaɗan, ai ya zaci ilimi ake gwadawa. Ya dubi mahaifinsa, wanda ya ci gaba da tsinka kamar ba ya ji. Sai Munir ya haɗiye kalmar.

"Na gane, Hajiya. To in da ke ce, da me za ki fara?"

Ya ji murmushi a muryarta. "Da gaisuwa, sannan tambaya. Manomi ya fi ka sanin gonarsa, kai ka fi shi sanin sunan cutar. Sai kun haɗa. Kuma ka riƙa kawo misali daga gonarku, ka ce mana ɗan manomi ne kai amma ba mu ji ko labari ɗaya ba. Mukan buɗe neman ma'aikata in noman rani ya gabato. Ban yi maka alkawari ba, amma ba abin da ya hana ka sake nema."

Ya yi mata godiya, suka yi sallama.

Malam Sabo ya jefa gyaɗa a kwando. "Matar nan ta san aikinta," ya ce.

Da ya koma gida ya kwashe duka ya gaya wa Rukayya. Ta saurara har ƙarshe, tana ta cije leɓe.

"Yi dariyarki," in ji shi.

"Ni? A'a. Kawai na tuna ranar da na ce maka kaina na ciwo, ka yi mini bayanin zazzaɓin cizon sauro tun daga kan sauron, alhali kitso ne aka ja mini da yawa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na buɗe baki, Abban Jamil."

Ya rufe fuska da hula yana dariya. Ita ma ta yi, sannan ta zauna kusa da shi ta dafa gwiwarsa. "Ka yi ƙoƙari fa. Ba kowa ke iya tambaya ba, balle ya tsaya ya ji amsar."

Da sanarwar noman rani ta fito, Munir ya sake nema, aka kuma sake kiransa. Ana gobe zai tafi, da yamma, Rukayya ta fito daga ɗaki da malfar Malam Sabo a kanta da fartanya a kafaɗa, ta tsuguna a gabansa ta kumbura murya.

"Malamin gona, albasata ce ta ƙi."

Jamil, ɗansu da bai daɗe da fara tafiya ba, ya tsaya yana kallon uwarsa baki buɗe.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Munir. "Ya iyali? Yaushe aka dasa ta?"

"Oho. Ni na manta."

"To kafin ɗaurin auren ƙauyenku ne ko bayansa?"

"Wane ɗaurin aure? Kai yaro, ka cika tambaya. Magani na zo karɓa."

"Za a zo kan magani, Baba. Ganyen ne ya bushe daga sama, ko gindin ne ke ruɓewa?"

Rukayya ta ɗaga malfar ta leƙo shi ta ƙarƙashi. Ta mayar da ita, ta gyara tsuguno, ta fara ba shi labarin wata gona da ba ta taɓa gani ba, mai nisa da rijiya, da maƙwabci mai awaki marasa kunya. Munir ya naɗe hannu yana sauraro, har tuwon da ke kan murhu ya fara kamawa.