Kwana Huɗun da Ba Sa Cikin Lissafi

Saƙon banki ya shigo wa mai jinya tana zaune bakin katifarta, a ɗakin hayar da ba ta saba wuni a cikinsa ba. Dubu sittin, albashinta na wata cif. Ta daɗe tana kallon wayar. Inna, tsohuwar da ta yi shekara uku tana jinyarta, ta rasu tun sha ɗaya ga wata. 'Ya'yanta sun sa banki ya riƙa biyanta duk ƙarshen wata, kuma a ruɗanin rasuwa ba wanda ya tuna ya tsayar.

Ta waya ma za ta iya mayarwa, minti ɗaya an gama. Amma sai ta ciro kuɗin, ta sa a ambulan, ta goge mayafinta. Tun da aka watse daga zaman makoki ba wanda ya kira ta daga gidan, ita kuwa ƙafarta ba ta san wata hanya ba sai wannan.

Ta tarar da falon gidan Inna cike da kwalaye. An naɗe keken guragun Inna an jingine shi bayan ƙofa. Auta, ƙaramar 'yar marigayiya, tana durƙushe tana naɗe kofuna da jarida.

"A'a, Likita! Ashe kina duniya?"

Inna ce ta sa mata wannan suna, don ta ce ta fi likitocin asibiti iyayi.

"Kuɗi na kawo, Anti. Banki ya biya ni wata guda, ni kuwa ban cika wata ba."

"Kai! Yaya ne bai tsayar ba. Wannan mutum kansa ma sai an tuna masa inda ya ajiye."

Mai jinya ta zauna a gefen kujera, ta shiga bayani a hankali, yadda ta yi ta maimaitawa a mota.

"Watan kwana talatin ne. In an raba dubu sittin, kowace rana dubu biyu. Na yi kwana sha ɗaya, har da ranar da ta cika, dubu ashirin da biyu ke nan. Sai maganin tari da auduga da na saya da kuɗina, dubu uku, ga rasit. Nawa ya zama ashirin da biyar. Saura dubu talatin da biyar, ga su."

Auta ta goge hannu a zane, ta ƙirga da yatsu, ta girgiza kai.

"Kin cuci kanki. Ai har sha biyar ga wata kina gidan nan. Wa ya yi wanke-wanken masu gaisuwa? Wa ya share tsakar gida? Kwana huɗu, dubu takwas. Ashirin da bakwai za ki ba ni."

Abin da mai jinya ta zo tana tsoro ke nan. A kwanakin nan huɗu ba wanda ya aike ta. Ta yi kuka a cikin masu kuka, har wata baƙuwa ta riƙe mata hannu ta ce Allah ya ba ku haƙuri. Wannan "ku" ɗin take ta juyawa a ranta tun ranar. In ta karɓi dubu takwas, ya tabbata 'yar aiki ce ta tsaya ƙarasa aiki.

"Ban sa su ba," ta ce.

"Na gani ai. Shi ya sa nake sa miki."

"Anti, ku nawa aka biya ku?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Ta sunkuyar da kai. Can waje mai motar kwasar kaya ya danna oda.

Sai Auta ta miƙo hannu ta karɓi ambulan. Ta ƙirga kuɗin a gabanta, talatin da biyar, ba ta zare ko ɗaya ba.

"Sun cika," ta ce. "Taurin kai dai kin gado shi wajen Inna."

Ta jawo wani kwali, ta warware jarida, ta fito da kofin roba mai murfi, wanda Inna ke shan shayi da shi saboda rawar hannu.

"Kowa ya ɗauki abu ɗaya nata. Ke kika rage."

An sayar da gidan, Auta kuma jibi za ta koma garin mijinta. Ta ce za ta kira. Mai jinya ta ce to.

Da ta koma ɗaki ta ɗora ruwa, ta haɗa shayi ba sukari kamar yadda hannunta ya saba, ta zuba a kofin. Ta zauna tana fifita shi, har ya huce daidai yadda Inna ke so.