Kafin a Yi Yanka

A watan Satumba na 1966, Kallamu Arzika na nan a Inugu yana aikin tafinta a kotu, yana haya a unguwar Ogui. A lokacin Hausawan unguwar sun fara ɗaure kaya, don labarin kashe-kashen da ake yi wa mutanen Gabas a Arewa ya iso, kuma kallon da maƙwabta ke yi musu ya sauya.

Wata safiya wani sufeton 'yan sanda ya kira shi, ya tura masa hotuna biyu, gaba da bayan bangon wani ƙaramin littafi. Ya ce a Fatakwal aka ɗauko su. An sami littafin ne a ɗakin wani mahauci, Falalu Dogara na unguwar Borokiri, kuma kwanansa shida a tsare. Wani kurtu mai guntuwar Hausa ya riga ya juya sunan littafin zuwa Turanci, ya fito kamar ana shirin yanka mutane.

Kallamu ya duba. An rubuta "Kafin a Yi Yanka" da manyan baƙaƙe. A bayan bangon akwai jimloli huɗu, suna cewa littafin zai nuna wa mahauta yadda ake gane saniya mai ciwo, da wanke wuƙa, da tsabtace kwata. Hasken kyamara ya cinye rabin ta huɗun.

Ya kwafi sunan da Hausarsa, ya ja layi a ƙarƙashinsa, sannan ya sa ma'anarsa a gefe, ya bayyana cewa yankan dabba ake nufi. Jimlolin kuwa ya fassara su sosai, yadda mai jin Turanci zai faɗe su. Inda hoton ya lalace ya rubuta cewa ba ya karantuwa.

Sufeto ya ce shi layi ɗaya yake so, sunan kawai da Turanci.

"Ranka ya daɗe, wannan suna ne, ba magana ba ce," in ji Kallamu. "An gajarta shi ne don mahauta, su sun san me ake yankawa. Abin da littafin ke faɗa yana baya. In ba a haɗa su ba, ba zan sa hannu ba."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa takardar duka a ambulan.

A farkon Oktoba Kallamu ya shiga jirgin ƙasa mai kwashe mutane zuwa Arewa. Wani mutum da kumburarriyar fuska yana bin taragu yana cigiyar matarsa Delu, wadda ta riga shi tafiya yana tsare. Ya faɗi sunansa, Falalu. Kallamu ya gane mahaucin nan na Fatakwal ne, ashe an sake shi. Kunnensa ɗaya ya daina ji saboda duka.

Kallamu ya matsa masa ya zauna, ya tambaye shi zancen littafin. Falalu ya ce duba-gari ne ya raba musu a kwata, shi bai ma iya karatun boko ba. Ya huta kaɗan, ya miƙe ya wuce tarago na gaba.