Dubu Uku a Allon Ƙofa

Da asibitin tsallaken titi ya zabtare rabin kuɗin ganin likita, sai yayan Likita, wanda ya ba ta jarin buɗe nata, ya shigo yana huci.

"Ke ma ki rage mana! Sai ki fanshe a gwaje-gwaje da ƙarin ruwa, yadda suke yi."

Likita ta san lissafinta: haya, albashin nas biyu, man janareta. Ƙasa da dubu uku, asibitin ba zai kai labari ba. Ta ɗauki alli ta rubuta a allon ƙofa: dubu uku, dawowa cikin mako kyauta.

"Yaya, ba zan ɗaura wa mai mura ƙarin ruwa don in biya haya ba. Kuɗina a ƙofa nake karɓa, ba a jijiyar talaka ba."