Fiya Wata Biyu a Gonin Gora

Wata huɗu Jethro bai taɓa sitiyari ba, tun ranar da tayar bas ɗinsa ta fashe ya faɗa rami. Babu wanda ya mutu, amma tun daga nan tsoro yake shaƙe shi ba sallama. Likita ya auna zuciyarsa ya ce lafiyarta ƙalau, firgici ne kawai. "Kawai" ɗin nan ya fi komai ba shi haushi.

Yau Alhaji Mamman, mai motar, ya zauna a gefensa don ya gwada shi. Daga unguwar Television zuwa Gonin Gora a dawo. In ya kasa, gobe makulli na hannun wani.

Suna shiga Gonin Gora wata tirela ta yi ƙara kamar bindiga. Ƙirjin Jethro ya hau duka, yatsunsa suka mutu, numfashi ya ƙi shiga. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, sannan ya fito ya durƙushe.

Mutanen bakin hanya kuwa ba su ƙi a samu abin kallo ba. Wannan na fifita, wancan na cewa iska ce, wani ya sheƙa masa ruwa a ƙeya.

"Ku ba shi wuri! Ƙeya ta yi muku laifi ne?" in ji Lydia mai sayar da zoɓo, tana kutsowa da ledojin fiya wata guda biyu masu sanyi daga ƙasan kularta. "Oga, kana da ciwon zuciya?"

Ya girgiza kai.

"To sunkuya. Ɗora su kan idanu da kumatu. Riƙe numfashi, in ƙirga goma sha biyar."

Sanyin ya sare shi har cikin haƙora. Kafin ta gama ƙirge sai ya ji bugun ya fara sassautawa.

"Yanzu ja iska kaɗan ta hanci, ka sake ta a hankali kamar kana hura koko. Fitar ta fi shigar tsawo. Danna ƙafafunka a ƙasa." Ta ce wata nas ce ta koya mata, don ita ma abin yana kama ta. "In fuska ta ji sanyi, jiki sai ya ɗauka ka nutse a ruwa, ya rage wa zuciya gudu. Ba magani ba ne fa, birki ne. Asibiti za ka koma."

Kunya ta rufe Jethro fiye da tsoron. Ya miƙe, ya miƙa wa Alhaji makulli ba tare da ya ɗaga ido ba.

Alhaji bai karɓa ba. "Ka san ka kunna sigina kafin ka tsaya?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"Ni na gani. Asibitin nan tare za mu je. Huta tukuna, sannan ka mai da ni gida."

Jethro ya goge fuskarsa. Ba duka ruwan ne na Lydia ba, har da na idanunsa.