Takardar Ƙarancin Jini

Gwadabe, malamin asibitin Kiru, ya kwana uku yana fama da takarda ɗaya. Gidan rediyo ne ya nemi jawabi ga matan ƙauye kan ƙarancin jini lokacin goyon ciki. Shi kuwa mace ɗaya yake rubuta wa: Safara'u, 'yarsa ta fari, mai cikin wata shida a ƙauyen Ba'awa. Ran kasuwar garin ya hango ta a ƙofar gida ta yi fari fat, tana haki kamar ta hau dutse. To amma ɗan fari ko sunansa ba a kira, balle uba ya yi wa 'yarsa zancen ciki.

Ya kai wa yayarsa Baturiya, ungozoma, ya karanta mata:

"Ke mai ciki, in kina jiri, zuciya na bugawa, ƙafa ta kumbura, cikin ido da tafin hannu sun yi fari, jininki ya yi kaɗan. Wanda za ki zubar ran haihuwa, ko bai taka kara ya karya ba, yana iya tafiya da ke. Jaririn ma sai ya zo ɗan ƙarami. Ki ci hanta, wake, zogale da alayyafo. Ki sa takalmi, don tsutsar da ke shan jini ta ƙafa take shiga. Ki nemi maganin zazzaɓi. Ki zo a ba ki ƙwayar ƙarin jini."

"Ka gama, Malam boko?" in ji Baturiya. "Akwatin rediyo nawa ne a Ba'awa?"

"Ɗaya, a ƙofar gidan dagaci."

"Mace nawa ka taɓa gani zaune a wurin? Kuma wa ke zuwa kasuwa? Surukinka Hamidu mahauci ne, amma hantar a tsinken tsire take ƙarewa, a cikin ƙattin gari."

Gwadabe ya sosa ƙeya. "Ai na mata aka ce, Yaya."

"To bar musu nasu. Ƙara da wannan a ƙasa."

Ta faɗa, ya rubuta: "Kai kuma da ka miƙe ƙafa gindin akwatin nan, tashi ka kai saƙo cikin gida. Ja fatar idon matarka ƙasa ka duba. In ba ja ba ne, ɗaura wa jaki akumari."

Aka karanta a rediyo ran Laraba da la'asar. Alhamis da hantsi sai ga Hamidu yana jan jaki, Safara'u a kai, Baturiya a baya tana yi masa faɗa.

"Baba, wallahi na ɗauka hasken ciki ne," in ji Hamidu daga tsugunne.

Baturiya ta buɗe idon Safara'u, Gwadabe ya leƙa, ya kau da kai. Ya ƙunsa ƙwayoyi a takarda, ya miƙa wa Baturiya.

"Yaya, a gaya wa yarinyar nan, ɗaya-ɗaya sau uku a rana, bayan abinci. Bayan-gidanta zai yi baƙi, kada ta tsorata ta daina sha. Sati mai zuwa a dawo da ita."